Sashen saye na zargin sashen kuɗi, kwantena kuma tana kwana a tashar Jidda

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata uku ina aiki a wani kamfanin shigo da kayan abinci a nan Jidda. Ni ne mai haɗa takardun fito da kaya: in karɓa daga sashen saye, in kai sashen kuɗi, in bi mai fito mana da kaya a kwastan. Kusan kowace kwantena sai ta yi sati biyu kafin ta bar tasha, kamfani yana ta biyan tara. Sashen saye sun ce 'yan kuɗi ne ke danne takardu, 'yan kuɗi sun ce ba a taɓa kawo musu takarda cikakkiya ba. Shugabannin sassan biyu ko gaisuwar kirki ba sa yi, ni ake aike da saƙo, kuma kowanne yana so in tsaya masa shaida. Makon jiya mudir, wato babban manajanmu, ya yi mini tsawa a gaban mutane kan kayan da ba ni na tsayar ba. Ni ne ƙarami a cikinsu, iƙamata a ƙarƙashin kamfanin take, ga iyali. In yi shiru ne, ko in faɗi wanda nake ganin ya fi laifi?

Ƙaninka a Jidda

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsawar nan ta yi maka ciwo, kuma dole ta yi. Mudir ya zaɓi wanda ya san ba zai mayar masa da magana ba ya sauke masa haushin manya biyu da yake jin nauyin tunkara. Wannan ba adalci ba ne. Amma daga cikin hanyoyi biyun da ka kawo ba zan ba ka ko ɗaya ba. Shiru zai sa a saba da kai a matsayin wurin sauke fushi. Faɗin mai laifi kuwa zai sama maka abokin gaba ɗaya na dindindin da aboki ɗaya na kwana biyu, kwantena kuma ta ci gaba da kwana inda take. Akwai abin da kake da shi wanda babu kowa a ofishin nan da yake da shi: kai kaɗai ne kake ganin takardar nan daga ranar da ta shigo har ranar da mota ta ɗauko kaya. Kowa na ganin guntun da ya ratsa ta teburinsa. Da wannan za mu yi aiki.

Zato na mafi ƙarfi shi ne sassan nan biyu duk gaskiya suke faɗa, sai dai ba daga wuri ɗaya suke fara ƙirga kwana ba. Bari in tsara maka misali irin wanda ake yawan gani a kamfanonin da ke fito da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Jidda, kai kuma ka gwada shi da naku.

An sauke kwantena ranar Lahadi. Da yamma wakilin kamfanin jirgi ya turo fatura, wato takardar neman biya, ta kuɗin da za a biya kafin ya ba da izinin miƙa kaya, ta faɗa akwatin imel na wani ma'aikacin sashen saye. Bai gani ba sai Litinin, ya tura sashen kuɗi ƙarfe uku na yamma. Su kuwa 'yan kuɗi sau biyu suke biya a mako, Litinin da Laraba, kuma suna rufe karɓar takardu da azahar. Takarda ta rasa Litinin ke nan. Ba wanda ya buɗe ta sai Laraba da safe, lokacin da akanta ya zauna shirya biyan ranar. A nan ya ga babu lambar odar saye a jiki, lambar harajin kamfaninku kuma an rubuta ta ba daidai ba. Ya mayar. Wakilin jirgi ya gyara ya turo Alhamis da yamma. Juma'a da Asabar hutu. Lahadi takarda ta koma sashen kuɗi cikakkiya, Litinin aka biya, Talata izini ya fito. Laraba bayan azahar kuɗin kwastan ya fito da lambar biya ta SADAD, tsarin biyan kuɗi ta banki a Saudiyya, an riga an rufe karɓa. Alhamis mudir ya ɗaga murya aka biya ba bisa tsari ba. Motar ɗauka ba ta sami lokacin shiga tasha ba sai Lahadi. Kwana 15 ke nan idan ka haɗa da ranar saukewa.

To, tambayi shugaban saye. Zai ce sun tura Litinin, ba a biya ba sai wata Litinin, kwana 7 cur, kuma ga imel nan shaida. Tambayi shugaban kuɗi. Zai ce takarda cikakkiya ta iso Lahadi, sun biya Litinin, kwana ɗaya tak, shi ma ga shaidarsa. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowanne idan ya kwanta da dare yana da tabbacin shi aka zalunta, shi ya sa rigimar ba ta ƙarewa, shi ya sa kuma duk zaman sulhun da za a yi a kan "wa ya jawo" zai tashi ba a cimma komai ba.

Duba inda kwanakin suka tafi. Aikin hannu da aka yi wa takardar nan, dubawa da gyarawa da danna biya, bai fi na sa'o'i kaɗan ba. Sauran duk jira ne. Jiran da ya fi tsada kuwa shi ne wanda ba wanda ya lura da shi: daga Litinin ƙarfe uku zuwa Laraba da safe, takarda mai kuskure tana zaune ba a buɗe ta ba. Da a ce wani ya leƙa ta minti biyar a ranar Litinin ya ce lambar haraji ba daidai ba ce, da wakili ya gyara Talata, da an biya Laraba, kwana na huɗu maimakon na tara. Kwana biyar sun salwanta a wannan ɗan ramin, kuma ramin ba ya cikin aikin sashen saye, domin su sun tura, ba ya cikin na sashen kuɗi, domin ranar biyansu ba ta zo ba. Mu ɗauka kwanakin da aka ba ku kyauta 7 ne, tarar kuma riyal 300 ce kullum a kan kowace kwantena, kuma guda huɗu ne a jirgin. Kwana 8 na ƙari sun zama riyal 9,600. Lambobin nan nawa ne na misali, naku suna cikin yarjejeniyarku da kamfanin jirgi. Ka kuma tuna agogo biyu ne ke tafiya: kuɗin ajiya na tasha, wanda ake kira ardiyya, yana tsayawa ranar da kaya suka fita, na kamfanin jirgi kuwa yakan ci gaba har sai an mayar masa da kwantenarsa babu kaya.

Kafin ka taɓa komai ina so ka fahimci abin da kowane ɓangare ke tsoro, domin mutum ba ya sakin al'adar da ke kare shi sai an ba shi wata kariyar. Akantan da ya mayar da fatura saboda lamba ɗaya ba mugunta yake yi ba. Tun Yulin 2020 harajin da ake ɗorawa a kan kaya da hidima a Saudiyya ya koma kashi 15 cikin ɗari, kuma kamfani ba ya iya cire harajin da ya biya daga abin da ake binsa sai da fatura ingantacciya. Tun Disambar 2021 kuma aka wajabta fatura ta na'ura, hukumar zakka da haraji da kwastan tana sa ido. Idan akanta ya biya a kan takarda mai naƙasu, bayan shekara mai binciken asusu ya tono ta, sunansa za a gani a ƙasa, ba na wanda ya matsa masa ba. Biya sau biyu a mako ma yana da dalili: yawanci sai mutum biyu sun amince a banki, na biyun kuma babba ne da ba a samunsa kullum.

Sashen saye su ma suna da nasu. Ba su ke buga fatura ba, ba su ke rubuta takardar lodin jirgi ba. Suna jiran mai kaya a Indiya ko Tailan, suna jiran wakilin jirgi, wani lokaci suna jiran banki ya saki takardun asali. Mai kaya yana aiki Juma'a lokacin da kuke hutu, yana hutu Lahadi lokacin da kuka dawo, don haka tambaya ɗaya tak da aka aika Alhamis da yamma tana iya cin kwana uku ko huɗu. Kuma su ake auna wa da farashi da cikar sito. Idan shinkafa ta yanke a sito, su ake kira. Ba wanda ya taɓa yaba musu don sun rubuta lambar oda a jikin takarda, to me zai sa ta zama abin da suke fara dubawa? Duk da haka, a ganina tura hoton fatura ta WhatsApp a ce "an tura" sakaci ne, kamar yadda karɓar takarda a ajiye ta kwana biyu ba a buɗe ba shi ma sakaci ne. Laifin ya rabu, sai dai rabon ba zai fito da kwantena ba.

Akwai tambaya ɗaya da za ka yi wa kanka a ɓoye: tarar nan a asusun wa ake rubuta ta? A kamfanoni da yawa ana zuba ta ne cikin kuɗin kaya ko cikin "sauran kashe-kashe", ba ta taɓa kasafin kowane sashe. Idan haka ne a wurinku, ka gano dalilin da ya sa manyan nan biyu suke da ƙarfin yin gaba wata da watanni. Gabar ba ta cin aljihun kowannensu.

Yanzu ga aikin, kuma matakin farko ba ya bukatar izinin kowa domin yana cikin aikinka. Ɗauki fayil goma na ƙarshe da aka kammala, a jere, kada ka zaɓi waɗanda suka fi muni. A kowanne ka rubuta ranakun nan a shafin Excel: ranar sauke kaya, ranar da fatura ta shigo kamfani, ranar da ta isa sashen kuɗi karon farko, ranar da aka mayar da ita idan an mayar da dalilin mayarwar, ranar da ta koma, ranar biya, ranar izini, ranar fitowar kuɗin kwastan, ranar biyansa, da ranar fita daga tasha. Ka ɗauko ranakun daga imel da rasiɗin banki da Fasah, shafin intanet da ake shigar da bayanan kwastan, kada ka dogara da abin da wani ya tuna. Sunan mutum kada ya shiga ko a gefe. Kan kowane layi ka sa sunan mataki, "jiran dubawa", "jiran gyara", "jiran ranar biya", ba sunan sashe ba. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ke bambanta takardar da za a karanta da wadda za a yaƙa.

Ka lissafa kowane jira iri biyu, kwanakin kalanda da kwanakin aiki, domin tasha da kamfanin jirgi da na kalanda suke caji, ma'aikata kuwa da na aiki suke kare kansu. Na kalanda ragi ne kawai. Na aiki ga yadda ake yi, idan ranar fara jira tana B2, ranar ƙarewarsa tana C2, lamba 7 ɗin kuma tana gaya wa Excel cewa Juma'a da Asabar ne hutu:

```
=NETWORKDAYS.INTL(B2,C2,7)-1
```

Fayil goma ba bincike ne na jami'a ba, amma sun isa su nuna maka inda kwana ke taruwa. Za ka kuma ga dalilan mayar da takarda ba su da yawa. Yawanci uku ne ko huɗu suke ta maimaituwa.

Daga nan ka je wurin akantan da yake duba takardun da hannunsa, ba shugabansa ba. Bayan sallar azahar, ko lokacin shan shayi, ka ce masa: "Ina so in daina kawo maka abin da za ka mayar. Faɗa mini abubuwan da idan ka gan su a fayil za ka biya ba tare da tambaya ba." Ban taɓa jin akantan da ya ƙi amsa wannan tambayar ba, domin kowa zuwa yake ya roƙe shi ya yi sauri, ba wanda ke tambayarsa abin da yake bukata. Zai lissafa maka abu biyar ko shida: fatura ta haraji da sunan kamfani da lambarsa daidai, lambar odar saye, lambar takardar lodi, lambar asusun wanda za a biya daidai da wadda ke rajista, sa hannun mai izini. Rubuta su a shafi ɗaya, ka nuna masa ya tabbatar. Sai ka kai wa takwaransa na sashen saye, ka ce ga abin da idan ya cika ba za a ƙara dawo musu da takarda ba, ka tambaye shi wanne ne a ciki yake ba su wahalar samu. Wataƙila ya ce lambar oda ba ta fitowa sai kaya sun iso, saboda yadda na'urarsu take. To ka ga an samo matsala ta gaske wadda shekara uku ana zagin juna a kanta ba a taɓa ambatonta ba.

Sai ka zama kai ne mai dubawar farko. Duk fatura da ta ratso ta hannunka, ka auna ta da shafin nan a ranar, kafin ta wuce. Mai naƙasu ta koma nan take, ba sai Laraba ba. Wannan kaɗai, ba tare da wani shugaba ya canza komai ba, zai toshe ramin kwana biyar da na nuna maka. Ka ƙara da abu ɗaya: jirgi ba ya zuwa ba zato. Ana sanin ranar isowarsa tun yana teku. Kowace Lahadi da safe ka aika imel ɗaya ga sassan biyu tare, mai ɗauke da jiragen da ake jira cikin kwana goma, takardun da suka samu, waɗanda suka rage, kimanin kuɗin da za a bukata, da ranar da kwanakin kyauta za su ƙare. Ka tambayi mai fito muku da kaya, mukhallis ɗinku, me yake bukata don ya shigar da bayanin kwastan a Fasah kafin jirgi ya iso, domin tsarin ya ba da damar hakan, kuma kamfanoni da yawa ba sa amfani da ita don kawai takardunsu ba sa haɗuwa da wuri. Tunda abinci kuke shigowa da shi, akwai kuma dubawar hukumar abinci da magunguna, wadda ba ta hannun kowa a ofishinku. Ka ba ta layinta daban a lissafinka don kada a ɗora wa wani kwanakinta.

Maganar aike kuwa, ƙanena, a nan zan ɗan matsa maka. Kana cikin abin da ke raya rigimar nan ba tare da ka nufa ba. Muddin akwai mai kai saƙo, manyan nan biyu ba su da bukatar kallon idon juna, kuma mutum yakan faɗi ta bakin ɗan aike abin da ba zai iya faɗa fuska da fuska ba. Idan shugaban saye ya ce "je ka gaya musu sun kashe mu", kai kuma ka kai, ko da ka tausasa, can za a karɓa da zafi a ba ka amsa mai zafi. Daga yau ka kai bukata, ka bar zafin a inda aka furta shi. "Fayil mai lamba kaza yana jiran biya, kwanakin kyauta za su ƙare Alhamis." Shi ke nan, a rubuce, duka biyun suna gani. Idan ɗayansu ya ja ka gefe yana neman ka yarda cewa wancan ne matsala, ka ce: "Ranka ya daɗe, ni ranaku nake rubutawa, ga su nan, duk wanda ya so zan nuna masa." Sau biyu ko uku za a gwada ka, daga nan a daina. Kada kuma ka kai wa wani abin da aka faɗa a kansa a bayan idonsa, ko da ya roƙe ka, ko da kana ganin gaskiya ce. Ka san hukuncin wannan a addini, a ofis ma ƙarshensa a kan mai kaiwa yake ƙarewa.

Bayan wata ɗaya da fara wannan za ka sami abin nunawa: fayil goma na da, da waɗanda suka biyo baya. A lokacin ne za ka tunkari manya, kuma yadda za ka jera su yana da muhimmanci. Fara da shugabanka na kai tsaye, kada ya ji labari a bakin wani. Sannan ka nuna wa kowane shugaban sashe shi kaɗai, kafin kowane taro, ka tambaye shi ko akwai ranar da ka rubuta ba daidai ba. Babba ba ya yafe wa ƙaramin da ya ba shi mamaki a gaban mudir, ko da lambobin gaskiya ne. Idan ɗayansu ya ɗauki shawarar ya mai da ita tasa a taro, bar masa. Kai fitar kwantena kake nema da kwanciyar hankalinka, kuma mudir ya san wanda ya tara ranakun.

Abin da za ka roƙa ya zama ƙarami, guda biyu kacal, kuma na gwaji na wata ɗaya. Daga sashen saye, a buɗe fayil cikakke kwana biyar kafin isowar jirgi. Daga sashen kuɗi, a ware biyan da ya shafi tasha, wato izinin miƙa kaya da kuɗin kwastan, a riƙa yinsa cikin kwana ɗaya na aiki ba tare da jiran Litinin ko Laraba ba. Kowa ya ba da abu ɗaya, kowa ya karɓi abu ɗaya, ba wanda zai ce shi aka kayar. Idan sa hannun mutum na biyu ne cikas, ana iya sa mataimaki mai izini har zuwa wani adadi, ko a ware uhda, wato kuɗin da ake damƙa wa ma'aikaci ya kashe ya kawo rasiɗi, don ƙananan kuɗaɗen tasha. Idan aka ce kai za ka riƙe uhdar, kada ka karɓa sai da takarda mai faɗin adadi da abin da aka yarda a kashe a kai.

Yana yiwuwa lissafinka ya nuna wani abu daban, kuma gara ka san alamunsa. Idan ka ga fayil cikakke yana wuce ranar biya ɗaya, ya wuce ta biyu, ba a mayar da shi ba kuma ba a biya ba, musamman a ƙarshen wata lokacin albashi, to ba takarda ce matsalar ba, kuɗi ne babu a asusu. Shugaban kuɗi ba zai faɗi haka a fili ba, zai gwammace a ce masa mai tsanani da a ce kamfani ya bushe, wani lokaci ma mayar da takarda kan ƙaramin kuskure hanya ce ta sayen kwana. Wannan ba naka ba ne ka tona. Abin da za ka iya shi ne kimanin kuɗin nan na kwana goma da kake aikawa, ka ba shi da wuri don ya tanada. Idan kuma ka ga kwanakin suna taruwa bayan an gama duk biya, to ka dubi mukhallis ko kamfanin motoci. Ba abin mamaki ba ne sassa biyu su shekara suna faɗa alhali mai jinkirin yana waje, yana jin daɗin ba wanda ya waiwaye shi. Idan kuwa gabar manyan nan ta samo asali daga wani abu na tsakaninsu, muƙami ko tsohuwar magana, kada ka sa kanka sulhunta su. Ba matsayinka ba ne, kuma tsarin da na faɗa maka yana aiki ko da ba sa gaisawa, tunda ma'aikatan ƙasa ne ke tafiyar da shi.

Game da mudir, kada ka bar maganar tsawar ta wuce haka nan, amma kada ka tayar da ita da zafi. Ranar da ka kai masa lissafin, bayan ya gani, ka ce cikin ladabi kayan makon nan da aka yi magana a kansu ga inda suka tsaya, kuma kana roƙon idan akwai gyara a aikinka a kira ka ofis a faɗa maka. Yawancin manya suna jin wannan, ko ba su ba da haƙuri da baki ba. Ka kuma kiyaye abu uku saboda matsayinka na mai iƙama: kada ka biya kuɗin kamfani daga aljihunka don a huta, kada ka shiga na'ura da sunan wani ko da shi ya ba ka, kada ka tura takardun kamfani zuwa wayarka ko imel ɗinka na kanka da sunan tara hujja. Hujjarka ta zauna a imel na ofis, inda kowa ya san da ita.

Tsoron da kake ji kan iƙama na fahimce shi, sai dai ƙofar ba a rufe take kamar da ba. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana iya komawa wani kamfanin ta Qiwa, shafin intanet na gwamnati kan harkokin ƙwadago, ba tare da yardar na farko ba idan ya cika sharuɗɗa, ciki har da cika shekara ɗaya da ba da sanarwa, kai kuwa kana da uku. Ba cewa nake ka tafi ba. Ka buɗe kwantiraginka a Qiwa ka karanta ranar ƙarewarsa da wa'adin sanarwa, don ka san inda kake tsaye lokacin da kake magana. Idan ka yi wata uku kana wannan aiki, ranaku sun ragu amma tsawa ba ta ragu ba, to ka fara dubawa a hankali. Mai iya fito da kwantena cikin kwanakin kyauta, da shafin da ke nuna ya yi, ba ya rasa mai nemansa a Jidda.

Abu na ƙarshe, ka dubi kalanda tun yanzu. A watan azumi aikin Musulmi a doka sa'a shida ne a rana, ga hutun ƙaramar Sallah a bayansa, kuma lokacin ne kayan abinci suka fi shigowa. Agogon kamfanin jirgi ba ya rage gudu don ana azumi. Ka nemi a yi gwajin nan na wata ɗaya kafin Sha'aban ya ƙare, kuma a imel ɗinka na Lahadi ka riƙa sa alama a kan duk jirgin da kwanakin kyautarsa za su faɗa cikin hutu, don a biya nasa kafin a rufe ofis. Allah Ya dafa maka, ka gaida iyali.